Layin da ya raba kusurwa gida biyu: ina yake sauka a gefen da ke fuskantarsa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. An ba mu alwatika ABC, AB santimita 6, AC santimita 9, BC santimita 10. An ja layi daga A ya raba kusurwar A gida biyu daidai, ya sauka a kan BC a wurin D, aka ce mu nemo BD. Na rubuta 5 aka soke mini. Tunda layin ya raba kusurwa daidai, me zai hana ya raba gefen daidai?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗalibi. BD santimita 4 ne, DC kuma 6. Layin yana sauka a tsakiyar BC ne kawai idan AB da AC tsawonsu ɗaya. Da zarar ɗaya ya fi ɗaya, sai D ya matsa wajen gajeren gefen, kuma matsawar tana da ƙa'ida:

BD/DC = AB/AC

Wato yadda AB yake idan aka gwada shi da AC, haka BD yake idan aka gwada shi da DC. A aikinka AB/AC shi ne 6/9, in aka rage ya koma 2/3. Ka ɗauka abokan ciniki biyu ne za su raba riba, ɗaya yana da kaso 2, ɗayan yana da kaso 3. Ba za a fara rabo ba sai an haɗa kason duka, 2 da 3 sun zama 5. Sai a raba santimita 10 gida 5, kowane kaso ya tashi santimita 2. BD ya ɗauki kaso biyu, santimita 4 ke nan. DC ya ɗauki uku, santimita 6. In ka haɗa 4 da 6 ka dawo kan 10, kuma 4/6 daidai yake da 6/9.

Ina so ka fahimci dalilin da kyau, domin wanda ya haddace ƙa'idar kawai yakan juya ta a ɗakin jarrabawa. Zana alwatikar a takarda, ka yanke ta, ka ninke ta a kan layin AD. Tunda kusurwoyin biyu da ke A daidai suke, AB zai kwanta a kan AC sak, sai dai ba zai kai ƙarshensa ba don ya fi shi gajarta. Abin da ninkin ya nuna shi ne, kowane ɗigo da ke kan AD, har da D kansa, nisansa daga layin AB daidai yake da nisansa daga layin AC. Nisan da ake nufi shi ne wanda aka auna a miƙe, ya haɗu da gefen a digiri 90. Mu kira shi h.

Yanzu dubi ƙananan alwatika biyu da AD ya fitar, ABD da ACD. Girman filin alwatika shi ne rabin gindi sau tsayi, kuma kowane gefe ka ga dama kana iya mai da shi gindi. In ka ɗauki AB da AC a matsayin gindi, tsayin duka biyun h ne, don haka filin ABD shi ne rabin 6 sau h, na ACD kuma rabin 9 sau h. Filayen suna kan 6 da 9 ke nan. Sai ka sake kallonsu ta wata fuska, ka ɗauki BD da DC a matsayin gindi. Su biyun suna kwance a kan layi ɗaya, kuma ƙoƙuwarsu ɗaya ce, wato A, saboda haka nan ma tsayinsu ɗaya ne, filayen kuma suna kan BD da DC. Filayen ba su canja ba, hanyar aunawa ce kawai ta canja. Dole BD/DC ya zo daidai da 6/9. Hujjar ke nan gaba ɗaya, kuma ita na fi so ɗalibi ya riƙe, don ba ta buƙatar a tsawaita wani layi zuwa wajen alwatikar.

Ita kuma 5 da ka rubuta amsar wani layi ne daban, wanda ke tashi daga A ya sauka a tsakiyar BC. Shi wannan fili yake rabawa daidai, amma kusurwa ba ya raba ta daidai. A alwatikarka kusurwar A kusan digiri 81 ce. Layin da ya nufi tsakiyar BC yana yanka ta kusan digiri 50 a wajen AB da 31 a wajen AC, alhali AD yana ba kowane ɓangare kusan digiri 40 da rabi. Tsakanin inda layukan biyu suka sauka santimita ɗaya ne rak, shi ya sa a zanen da aka yi da hannu ido ba ya bambanta su. Kada ka dogara da zane. Duba abin da tambaya ta faɗa, ko alamar da aka sa: ƙananan baka biyu iri ɗaya a cikin kusurwa na nufin kusurwa aka raba, ƙananan zane biyu a kan BC na nufin gefe aka raba.

Akwai kurakurai biyu da ke biyo bayan wannan, ko da ɗalibi ya san ƙa'idar. Na farko shi ne juya ta, a ba BD kaso 3 a sami 6. Maganinsa sauƙi ne: BD da AB sun haɗu a B, don haka tare suke tafiya, DC da AC kuma sun haɗu a C. Guntun da ke maƙwabtaka da gajeren gefe shi ne gajere. Na biyu ya fi ɓoyuwa, shi ne a ninka 2/3 da 10 kai tsaye a sami 6.67. Ai 2/3 yana gwada BD da DC ne, ba da BC duka ba. Rabon BD a cikin BC shi ne 2/5. Za ka gane ka faɗa wannan ramin idan DC ɗinka ya fito 3.33, ya gaza BD, alhali shi ne ke kusa da dogon gefe. Mai son hanya ta kai tsaye sai ya yi amfani da wannan:

BD = BC × AB / (AB + AC) = 10 × 6 / 15 = 4

Sau da yawa tambayar takan ci gaba ta nemi tsawon AD kansa. Wannan ma yana fitowa daga lambobin da ka riga ka samu:

AD² = AB × AC − BD × DC = 54 − 24 = 30

Lambar da in aka ninka ta da kanta za ta ba da 30 ita ce kusan 5.48. Ka gwada da rula da kamfas: ja BC santimita 10, buɗe kamfas santimita 6 ka ja baka daga B, buɗe shi 9 ka ja daga C, inda suka haɗu nan ne A. Sa ɗigo santimita 4 daga B, ka haɗa shi da A, ka auna. Layin zai ba ka kusan santimita 5 da rabi, kusurwoyin biyu kuma su fito daidai, domin ƙa'idar tana aiki ta baya ma: duk layin da ya taso daga A ya raba BC a kan 6 da 9, kason 6 yana wajen B, to ya raba kusurwar A gida biyu daidai.