Lamba mai ruwan ɗorawa a hoto: wace ƙasa take nunawa?

"Jama'a, ina da wani hoton titi da babu allon rubutu ko ɗaya a cikinsa, sai motoci biyu masu lamba ruwan ɗorawa, kuma harufan sun dusashe. Shin launin kaɗai zai iya gaya mini ƙasar?"

Launin kaɗai ba zai kai ka ga ƙasa guda ba, amma idan ka haɗa shi da siffar lambar da kuma ɓangaren motar da take manne, yawanci ƙasashe biyu ko uku ne za su rage maka. A tsawon lokacin da na yi ina wannan aiki na gano wuri daga hoto, na ga cewa gara a fara da siffa, domin hasken rana da na'urar ɗaukar hoto suna iya gurɓata launi, amma da wuya su ɓoye tsawon lamba.

Lambar da aka saba gani a Turai doguwa ce siririya, tsawonta santimita 52, faɗinta 11, wato tsawon ya kusa ninka faɗin sau biyar. Ta Amurka da Kanada kuwa gajera ce, inci 12 da inci 6, tsawon ya ninka faɗin sau biyu kacal. Saboda haka, idan lambobin hotonka gajeru ne masu ruwan ɗorawa gaba da baya a jikin motocin gida, Kolombiya ce za ta fara zuwa mini a rai. Japan ma tana da gajeriyar lamba mai wannan launi, sai dai ƙananan motoci masu ƙaramin inji ne kawai ake ba wa ita, kuma rubutunta layi biyu ne.

Idan kuwa dogaye ne, a nan aikin yake, kuma tambayar da ta fi kowace muhimmanci ita ce: gaban motar kake gani ko bayanta? A Birtaniya lambar gaba fara ce, ta baya ce ruwan ɗorawa, alhali a Holan da Luzamburg da Isra'ila duka biyun ruwan ɗorawa ne. Wanda ya ga bayan motoci kawai bai raba waɗannan ƙasashe ba tukuna, ko da launin ya fito sarai.

Mu ɗauka cewa ɗaya daga cikin motocinka tana fuskantar mai ɗaukar hoton, ɗayar ta ba shi baya, kuma lambobin duka ruwan ɗorawa ne. Wannan ya fitar da Birtaniya, haka kuma Botswana da Kenya, waɗanda su ma fari suke sawa a gaba. Daga nan sai ka duba gefen hagu na lambar. Idan akwai ratsin shuɗi a tsaye, wanda yakan bayyana ko da hoton ya dusashe, kuma motocin suna bin hannun dama na titi, to Holan da Luzamburg da Isra'ila ne suka rage. Idan babu ratsin, kuma hannun hagu ake bi, sai ka yi tunanin Namibiya. Wajen raba ukun, fasalin rubutun yana taimakawa ko da ba a iya karanta shi: lambar Holan harufa da alƙaluma shida ce da aka raba gida uku da gajerun layuka biyu, ta Isra'ila alƙaluma ce zalla, bakwai ko takwas, ta Luzamburg kuma yawanci harufa biyu ce da alƙaluma huɗu, ba tare da rabuwa gida uku ba. Tsakanin Holan da Isra'ila, gine-gine da bishiyoyi da yanayin ƙasa sukan ƙarasa maka hukunci cikin sauƙi.

Akwai tarko biyu da nake roƙon ka kiyaye. Na farko shi ne irin motar, domin a ƙasashe da dama ruwan ɗorawa alamar sana'a ce: a Denmak motocin ɗaukar kaya na kasuwanci ne ke ɗauke da shi, a Hangare kuma tasi, alhali motocin gida a ƙasashen biyu farar lamba gare su. Na biyu shi ne shekarun motar, tun da a Faransa an yi ta sa ruwan ɗorawa a baya kafin sabon tsarin da ya fara a 2009, kuma tsofaffin motoci sun ci gaba da yawo da shi bayan haka.

Ban da wannan, mota tana tsallaka iyaka, musamman a Turai, inda motar Holan a titin Jamus ko Beljiyam ba abin mamaki ba ce. Motoci biyu shaida ce mai rauni idan a babbar hanya suke gudu, amma idan ajiye suke a ƙofar gidaje, nauyinsu ya ƙaru sosai. Ka faɗaɗa hoton ka nemi mota ta uku, ko da gefen lambarta kaɗai ya fito, domin farar lamba mai jan rubutu a cikin jerin za ta nuna cewa wataƙila kana kusa da iyakar Beljiyam, ko ma kana cikinta.