Yadda za ka riga kwastoma sanin shafinka ya faɗi

"Salam 'yan uwa, ina da shafin sayar da atamfa da shadda, amma duk sanda ya lalace sai dai kwastoma ya kira ni ya faɗa min. Ya zan yi in riga su sani?"

Wa alaikumus salam ɗan uwa. Fara da UptimeRobot, na kyautarsu yana leƙa shafinka duk minti 5 daga waje, in bai amsa ba ya turo maka saƙo. Daga waje ɗin nan shi ne muhimmi, don in mai gadin shafin yana kan sabarka, wato kwamfutar da shafin ke zaune a kai, to in ta mutu tare za su mutu, ba mai kai labari.

Amma kar ka yi kuskuren da na yi, na sa shi yana duba shafin farko kaɗai na koma na yi barcina. Ana saura kwana uku sallah wata baiwar Allah ta kira wai tun jiya take saka oda abin sai juyawa yake, na duba UptimeRobot kore shar, ba abin da ya gani. Ashe shafin farkon ajiyayyen kwafi ne ake miƙowa, kullum 200 yake mayarwa, lambar da ke nufin lafiya lau, ko da ciki ya ruɓe. Da na shiga sabar, don in ga yadda diski ya cika, na buga

```
df -h
```

sai ga 100%, log, wato rubutun da saba ke ajiyewa na abin da ke faruwa, ya taru ya cika diski, MySQL da ke ajiye bayanan kaya da oda yana iya karantawa amma ya kasa rubuta komai, shi ya sa kaya suna fitowa da farashinsu amma oda ba ta shiga.

Abin da na yi daga baya, na buɗe wata hanya /health a shafin ita nake ba mai gadin. Kuma ba SELECT 1, wato gwada ko MySQL na amsawa kawai, na sa a ciki ba, don wannan zai wuce lafiya lau ko diski ya cika tunda ba ya rubuta komai. Layi ɗaya take sabuntawa a wani ƙaramin tebur da lokacin yanzu, in ya rubutu ta mayar da 200, in ya ƙi ta mayar da 503 mai nuna akwai matsala, in kuma ta maƙale to shirun ma faɗuwa ake lissafa shi.

Saƙon kuma ka sa manhajarsu a wayarka ya riƙa ƙara, imel kam wa ke buɗe shi ƙarfe biyun dare.

Saura kurakuran da ba sa kayar da shafi, misali biyan kuɗi ya fashe wa mutum ɗaya saboda ya bar gurbin lambar waya ba komai. /health ba za ta ga wannan ba, nan Sentry, manhajar kama kurakurai, ke aiki, yana nuna maka fayil da layin da ya fashe da sau nawa. Sai dai ka saita ya taɓa ka kan sabon kuskure kawai, ni satin farko na bar komai a buɗe waya ta dinga kuka har na kashe mata sauti, na koma gidan jiya.