Kiran sayen kaya a bidiyon talla ba tare da takura ba

Tambaya: "Turaren wuta nake sayarwa. A ina zan saka kiran a saya a bidiyona, kuma yaya zan faɗa kar ya zama naci?"

Hajiya, a bidiyo mai daƙiƙa 30, bar kiran sai daƙiƙa biyar na ƙarshe, bayan an ga hayaƙin yana tashi daga kasko, an kuma ji farashi. Wanda bai ga amfanin kaya ba, kira takura ce gare shi.

Ki nemi abu ɗaya tak. "Ku bi shafina, ku yaɗa, ku kira" raba hankali yake yi. Ce: "Mai son gwadawa, ta turo saƙo ta WhatsApp, akwai ƙaramar kwalba." Rubuta lambar a fuskar bidiyon, don da yawa ba sa kunna sauti.

Kar ki ce "saura kaɗan" in ba gaskiya ba ne. Masu saye suna ganewa. In tallar da ake biyan kuɗi za ki yi a Facebook, nemi wanda ya san saitinta.