Layin da Ya Ce Batirinka Zai Kai Kashi 116

Tambaya: Malam, aikin makaranta ne. Na sa wayata a caji, ina rubuta kashin batir duk bayan minti goma har sau biyar. An ce in fitar da layin mafi ƙarancin murabba'i daga jimloli kaɗai: n = 5, Σx = 150, Σy = 255, Σx² = 5500, Σxy = 8580. Ta ina zan fara? Kuma zan iya sanin abin da batirin zai kai a minti 100?

Amsa: Ɗalibi, ka riga ka yi aikin wahalar. Layin da kake nema shi ne y = a + bx, x minti, y kashin batir. Babu layin da zai bi ta kan ɗigogi biyar ɗin daidai, dole kowanne ya ɗan kauce sama ko ƙasa. Sai a ninka kowace kaucewa da kanta, a tara, a nemi a da b da za su sa jimlar ta zama mafi ƙanƙanta. Wannan sharaɗi shi ke haifar da layuka biyu:

```
Σy  = na + bΣx
Σxy = aΣx + bΣx²
```

Zuba lambobinka: 255 = 5a + 150b, sannan 8580 = 150a + 5500b. Ninka na farko da 30, ka samu 7650 = 150a + 4500b. Cire shi daga na biyu, a ya ɓace, saura 930 = 1000b. Ke nan b = 0.93. Raba na farko da 5, ka mayar da b a ciki: a = 51 − 0.93 × 30 = 23.1. Doguwar ƙa'idar nan da kuke haddacewa daren jarrabawa ba komai ba ce face wannan cirewar da aka yi da haruffa, shi ya sa na fi son ɗalibi ya riƙe layukan nan biyu. Kada dai ka rikita Σx² da (Σx)². Na farko 5500 ne, na biyu 22500, kuma a nan rabin masu rubuto min ke faɗawa rami.

To, me lambobin ke nufi? Gangaren, 0.93, yana cewa a tsakanin minti 10 da 50, duk minti ɗaya da ya ƙaru batirin na ƙaruwa da kusan kashi 0.93, wato kashi tara da 'yan kai a minti goma. Shi kuwa 23.1 ƙiyasi ne na inda batirin yake lokacin da ka cusa caja. Ba ka auna minti sifili ba, amma yana dab da ma'auninka na farko, don haka ana iya yarda da shi.

Minti 100 kuwa, nan ne raina ke ɓaci. Lissafa da kanka: 23.1 da 93, kashi 116.1. In ka samu wayar da ke kai haka, ka taimaka ka sayar min. Layin bai san cewa batir na tsayawa a 100 ba, bai kuma san cewa batirin litiyam na rage saurin shan caji idan ya doshi kashi 80 ba. Abin da ka nuna masa kawai ya sani, kuma ma'auninka ya tsaya a minti 50. Na ga mutane da yawa sun ja layi har ya fice daga takarda, suka rubuta amsar da lambobi huɗu bayan ɗigo, suna ganin yawan lambobin ne gaskiya. In kana son sanin minti 100, bar wayar a caji ka ci gaba da rubutawa. Za ka ga ɗigogin sun fara lanƙwashewa, kuma daga nan miƙaƙƙen layi ya daina yi maka amfani.

Tambaya: Ajinmu ɗaya da mai tambayar sama. Na sa lambobin a Excel, ya ba ni 1.069. Manhajar ce ta lalace?

Amsa: Lafiyarta ƙalau, ke ce kika juya su. Ana fara sa y, sannan x. In mintoci na A, batir na B:

```
=SLOPE(B2:B6,A2:A6)
=INTERCEPT(B2:B6,A2:A6)
```

Tambaya: Na sa shekaru 2019 zuwa 2024 a matsayin x, sai a ya fito wata ƙatuwar lamba mai alamar ragi.

Amsa: Tana gaya maka yadda abin yake a shekara ta sifili ne, lokacin da ba kai ba kwamfuta. Mayar da 2019 ta zama 0, 2020 ta zama 1, haka har ƙarshe. Gangaren ba zai canja ba, a kuma zai zama ƙiyasin shekarar 2019.