Me ya sa jinom ɗin bakteriyata ya ƙi haɗuwa?

Tambaya: Malam, na karanta DNA ɗin bakteriyar E. coli da na'urar Illumina har ninki 100, wato an karanta kowane harafi kusan sau 100, amma SPAdes, manhajar haɗa guntayen karatu, ya fito min da yankuna sama da 100 maimakon zobe ɗaya. In ƙara karatun ne?

Amsa: Kada ka ƙara, asarar kuɗi za ka yi. Matsalarka ta tsawo ce, yawa ba zai warware ta ba.

Jinom ɗin E. coli, wato dukkan DNA ɗinta, zobe ɗaya ne mai haruffa kusan miliyan 4.6, Illumina kuwa guntaye take ba ka, yawanci haruffa 150 daga kowane ƙarshen ɓangaren DNA. Manhaja tana ɗinke su ne inda bakin wannan ya dace da bakin wancan. A galibin jinom hakan na tafiya lami lafiya, sai an zo wurin da ya maimaita kansa. Wannan ƙwaya tana da kwafi 7 na wani jerin haruffa da ake kira rRNA, kowane ya kai haruffa 5,000, kuma kusan iri ɗaya suke sak. Guntun da ya faɗo daga tsakiyar ɗayansu ba shi da wata alama da za ta nuna na wane kwafi ne. Manhaja takan shiga ta ƙofa bakwai, ta tarar da ƙofar fita bakwai, ba ta san wacce ke kai wa wacce ba, sai ta yanke a nan. Ko ninki 1,000 ka yi, tsawon guntayen dai haruffa 150 ne.

Za ka iya gani da idonka. Buɗe taswirar haɗin a manhajar Bandage, ka duba zurfin kowane yanki, wato ninkin karatunsa. Idan sauran suna wajen 100, wani kuma ya kai wajen 700 kuma layuka sun taru a kansa, to kwafi bakwai ne suka dunƙule wuri guda.

Dogon karatu na Oxford Nanopore ko PacBio HiFi shi ne maganin. Zare ɗaya mai haruffa 15,000 yakan ratsa maimaicin gaba ɗaya, ya kamo abin da ke hagu da dama. Da ninki 40 zuwa 50, manhajar Flye kan rufe zoben.

Amma fa shi ma yana da nasa ciwon kai. Nanopore takan yi kuskuren ƙirga harafi ɗaya da ya jeru, misali AAAAAAA ta karanta shi da shida. Harafi ɗaya da ya ɓace yana gurɓata karatun jin, wato sashen DNA mai ɗauke da umarnin gina furotin, daga wurin zuwa gaba, alamarsa kuwa ita ce furotin da yawa su fito a gutsure. Sannan dole DNA ya fito dogo tun wurin cire shi daga ƙwayar. In ka jijjiga shi da ƙarfi ya kakkarye, na'urar ba za ta ba ka fiye da abin da ka zuba mata ba.

Don haka kada ka zubar da bayananka na Illumina, domin kuskurensu ƙalilan ne, wajen harafi ɗaya cikin 1,000. Yi dogon karatu ka gina zoben, sannan ka ɗora guntayen a kansa su gyara haruffan.