Ranar da ke jikin fakitin abinci

"Gwangwanin wake da ledar madara duk ranarsu ta wuce da kwana uku. In zubar ne?"

Ka fara duba kalmar da ke gaban ranar. In an rubuta Best before, maganar inganci ce: bayan ranar ɗanɗano ko ƙamshi na iya raguwa, amma abincin bai zama guba ba. Gwangwanin waken nan, in bai kumbura ba, bai lotse a bakin murfi ba, ba ya yoyo, ka ci abinka.

Use by kuwa maganar lafiya ce, ana sa shi a ɗanyen nama, kifi da madarar firji. Ranar ta wuce, zubar. Kada ka ce bari in shinshina, don wasu ƙwayoyin cuta ba sa canja wari ko kala. Kuma ranar tana aiki ne in an ajiye shi da sanyi yadda aka rubuta; da ka buɗe, lissafi ya sauya.

A kula da yadda ake rubuta ranar, kamar 03/04: wasu ƙasashe da rana suke farawa, Amurka kuwa da wata take farawa. In mai ciki ko jariri ya ci abincin da ranarsa ta wuce ya fara amai ko zazzaɓi, a tafi asibiti.