Ka duba kalkuletarka kafin ka zargi kanka

"Yaya, don Allah ina shirin fitowa karatun injiniya. Na auna tsayin tankin ruwan unguwarmu a Mabera daga nisan mita 20, kusurwa digiri 35, amma amsata ba ta zo daidai da ta malam ba. Ni na samu mita 9.5."

Ƙanena, kai ne na uku da ya turo min irin wannan tun bayan Sallah, kuma ina ganin 9.5 na gane ciwon. Dabararka daidai take, kalkuletar ce ke kan radiyan, wani ma'aunin kusurwa daban da digiri.

Ɗauko ta yanzu, ka danna `tan 45`. In ta ba ka 1, tana kan digiri. In ta ba ka 1.6198, radiyan ne. A Casio fx-991ES PLUS sai ka danna `SHIFT`, `MODE`, sannan `3`, za ka ga ɗan harafin `D` ya fito a saman gilashi. Ƙanƙane ne ƙwarai, shi ya sa ido ke tsallake shi.

To mu koma ga tankin. Abin da ke hannunka nisa ne a ƙasa, abin da kake nema tsayi ne, kuma `tan` ce ke haɗa waɗannan biyun. Ba ruwanka da `sin` ko `cos`, tunda ba ka auna layin da ya tashi daga idonka zuwa saman tankin ba. A digiri, `tan 35` tana ba da 0.7002, ka ninka da 20 ka samu mita 14. Amma ba ka gama ba. Daga idonka ka auna kusurwar, don haka 14 ɗin daga saitin ido take farawa. In daga ƙasa zuwa idonka mita 1.6 ne, tsayin tankin ya zama mita 15.6. Kuma mita 20 ɗin nan dole su tsaya a ƙasa daidai ƙarƙashin wurin da ka saita a sama. In a ƙafar tankin ta kusa da kai ka tsayar da awo alhali tsakiyar murfin ka kalla, sai ka sake.

Abin da ke ba ni tsoro da radiyan shi ne ƙaryarta mai kama da gaskiya ce. Tanki mai mita 9.5 ai akwai shi, wa zai yi shakka? Haka ta yi min a zangona na farko da na fito karatu. Wani ɗan ajinmu ya ari kalkuletata da daddare, ya mayar da ita radiyan bai faɗa min ba. Na shiga jarrabawa, kowane mataki daidai, kowace amsa kuskure. Na je na nuna wa malamin aikina, ya ce shi ma ya gani, amma gada ba ta tsayawa da kyakkyawar niyya. Bai ƙara min ko rabin maki ba. Ranar na koma ɗaki cikin sanyi, ko abinci ban iya ci ba, ina tunanin gonar da Baba ya sayar don kuɗin jirgina.

Na gama da sakamako mai kyau, yanzu aikin awon ƙasa nake ci da shi, kuma har yau ba na fara lissafi sai na danna `tan 45`. Ka sake aunawa, ka turo min har da tsayin idonka.